Goge faifan ajiya kafin sayarwa

Goge faifan ajiya shi ne share bayanan kwamfuta ta yadda wanda ya saye ta ba zai iya dawo da su ba. Batun ya shafi Hausawa mazauna Makka da Jidda da ke kai tsofaffin kwamfutoci kasuwar gwanjo, irin ta Sawarikh, alhali hotunan iƙama da fasfo na iyali ko na masu umara suna ciki.

Abin da yawanci ake yi shi ne Quick Format, wanda ke ƙarewa cikin 'yan daƙiƙoƙi. Saurin nan ma shaida ne cewa bai share komai ba. Jadawalin da ke nuna inda kowane fayil yake kawai yake sabuntawa, kamar mai shago ya yaga littafin lissafi ya bar kaya a rumbu. Manhaja ta kyauta irin PhotoRec tana iya kwaso su.

Hanya ta biyu ita ce rubutawa a kai, wato a bi faifan tun daga farko har ƙarshe ana cika shi da sifili. Ita ta dace da HDD, faifai mai juyawa. Umarnin ba ya aiki a kan faifan da Windows ke gudana a kai, don haka a jona faifan a wata kwamfuta. A Windows ana buɗe manhajar diskpart a rubuta:

```
list disk
select disk 1
clean all
```

A maye gurbin 1 da lambar faifan da za a goge, a tabbatar da ita ta hanyar duba girmansa, domin in aka zaɓi wani daban, aikin gama ya gama. Kuma `clean` shi kaɗai ba ya cika faifan da sifili. Faifai mai terabait 1 da ke rubuta megabait 100 a daƙiƙa zai ci kusan awa 3. In ya gama nan take, to ba a goge ba. Zagaye ɗaya ya wadatar a faifan zamani. Zagaye 35 da Peter Gutmann ya kawo a 1996 na fasahar wancan zamanin ne, yau ɓata lokaci ne.

SSD kuwa, faifai marar juyawa, halinsa daban. Yana rarraba rubutu a ƙwayoyinsa don kada wasu su riga wasu lalacewa, yana kuma ɓoye wani sashe da kwamfuta ba ta gani, saboda haka sifilin ba lallai ya kai ko'ina ba. Maganinsa Secure Erase, umarnin da ake ba faifan ya share kansa daga ciki. Ana samunsa a BIOS, wato saitin da ake shiga lokacin kunna kwamfuta, na wasu kwamfutoci ko a manhajar kamfanin da ya ƙera faifan. Wani lokaci yakan ƙi, ya nuna `frozen`. A sa kwamfutar barci a tashe ta, sau da yawa yakan saki. Akwatin USB ma yakan hana umarnin wucewa, gara a jona faifan kai tsaye.

Bayan an gama, a sake bin faifan da PhotoRec. In hoto ko ɗaya ya fito, da sauran aiki. Faifan da ya lalace har ya ƙi karɓar rubutu kuwa ba na sayarwa ba ne, farfasa shi ake yi.