Folda a wayar hannu

Folda wuri ne mai suna da ake tara abubuwa a cikinsa don kada su watse. A wayar hannu iri biyu ce: ta cikin manhajar fayil, wadda ke riƙe hotuna, sauti da takardu su kansu, da ta fuskar waya, wadda ke tara alamomin manhajoji kawai. Sunansu ɗaya, amma goge ta farko na iya tafiya da kayan da ke cikinta, ta biyun kuwa ba ta ɗauke da kayan kowa.

Foldar cikin manhajar fayil

Wayoyin Android, irin su Tecno, Itel da Samsung da ake yawan gani a hannun mutanen Damagaram, suna zuwa da foldodinsu tun daga kamfani. Hotunan kamara suna shiga DCIM, abin da aka sauke daga intanet yana shiga Download. Mai son tasa sai ya buɗe manhajar fayil, ya shiga ma'ajiyar cikin waya ko katin memori, ya taɓa ɗigo ukun da ke sama, ya zaɓi Nouveau dossier idan wayar da Faransanci take, sannan ya rubuta suna. Ba a sa alamar / a cikin suna, katin memori kuma yakan ƙi : da ? da *. Sunan da ya fara da ɗigo yana ɓoye foldar, ba ta sake bayyana sai an kunna zaɓin nuna ɓoyayyun fayiloli.

A ce wani mai sayar da atamfa a kasuwar Dole yana karɓar hotunan rasit daga abokan cinikinsa na Kano ta WhatsApp. A wayoyin Android 11 zuwa sama, hotunan suna faɗawa nan:

```
Android/media/com.whatsapp/WhatsApp/Media/WhatsApp Images
```

A can rasit ɗin suna cakuɗe da hotunan biki da na suna. Sai ya buɗe folda mai suna Rasit a cikin Documents, a cikinta kuma ya yi ƙanana, ɗaya ga kowane wata: 2025-01, 2025-02, har zuwa 2025-12. Sa shekara a gaba, da sifili gaban watannin farko, shi ke sa su jeru bi da bi in an tsara su bisa suna. Da sunayen watanni ya rubuta, da Afrilu ya riga Janairu.

Wurin kwashe hotunan ne aka fi yin kuskure. In ya danna hoto ya riƙe, zai ga Copier da Déplacer. Copier yana barin na asali a inda yake, ya yi na biyu, don haka yana cin wuri ninki biyu. Déplacer yana ɗauke shi gaba ɗaya, WhatsApp kuwa a tsohon wurin yake neman fayilolinsa. Alamar hakan ita ce hoton ya koma dishi-dishi a cikin hira, ya ƙi buɗewa, alhali yana nan lafiya lau a sabuwar foldar. Ga rasit, wanda wata rana za a so a nuna shi tare da saƙon da ya zo da shi, Copier ya fi. Hoto ɗaya ba wani wuri yake ci ba.

Goge folda yana goge duk abin da ke cikinta. Manhajar Files ta Google tana ajiye abin da aka goge a kwandon shara na kwana 30, amma ba kowace manhaja ke da kwandon ba. Foldar da ake kira Android kuwa a bar ta yadda take: kada a sake mata suna, don manhajoji da sunan suke gane hanyarsu.

Foldar fuskar waya

Wannan ba ta da wuya. A danna alamar manhaja a riƙe, a ja ta a ɗora a kan wata, a saki. Folda ta haɗu ke nan, sai a taɓa ta a ba ta suna, kamar Kuɗi ko Karatu. iPhone ta samu wannan tsari a 2010 tare da iOS 4. Idan alamar da ake nufa tana gocewa gefe maimakon su haɗu, yatsa bai kai tsakiyarta ba ne.

Haɗa manhajoji ba ya rage wurin da suke ci ko kaɗan. A wayoyin Android masu jerin dukkan manhajoji, wanda ake jawowa daga ƙasa, cire folda daga fuska yana kawar da alamomin ne kawai, manhajojin suna nan a jerin. Abin lura shi ne bambancin Retirer da Désinstaller a kan manhaja guda: na farko alama yake cirewa, na biyu yana fitar da manhajar daga wayar tare da bayanan da ta ajiye.