Yadda ƙaramin banki zai tuna wa mai bashi ba tare da barazana ba

Ƙa'idojin kare abokan hulɗa da Babban Bankin Najeriya ya fitar a 2019 sun shafi ƙananan bankuna kamar yadda suka shafi manya, kuma sun wajabta a bi bashi cikin ladabi da adalci, ba da tsoratarwa, tozartawa ko matsin lamba ba. Ba su hana banki neman haƙƙinsa da kakkausar murya ba. Abin dubawa shi ne ko matakin da saƙon tunatarwa ya ambata yana cikin yarjejeniya, kuma doka ta ba bankin ikon ɗaukarsa.

A ɗauki misalin wata mai sayar da atamfa da kason wata na naira 25,000 ya wuce mata, sai ma'aikacin bashi ya rubuta: "Ki biya yau, in ba haka ba 'yan sanda za su zo shagonki, kuma mijinki da maƙwabta za su ji." Maganar 'yan sanda ba ta da tushe, domin sashe na 32 na Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ya hana kama mutum saboda saɓa yarjejeniya kawai. Batun miji da maƙwabta ya fi muni a ganina. Ƙa'idojin ba su yarda a tuntuɓi dangi ko maƙwabta ba sai don neman adireshi, lambar waya ko bayanin wurin aiki, in ba mutumin ne ya tsaya wa mai bashin ba, ko kuma an samu amincewa.

Ga yadda saƙon zai tsaya da ƙafarsa: "Assalamu alaikum Hajiya. Muna tuna miki cewa kason bashinki na naira 25,000, wanda ya kamata a biya ranar 5 ga wata, bai shigo ba. Muna roƙon ki biya zuwa ranar 12, domin bayan wannan rana za a fara lissafa tarar jinkiri kamar yadda yarjejeniyarmu ta tanada. Idan kin riga kin biya, ko akwai wata matsala, ki kira wannan lamba mu tattauna."

Ranar 12 ba a bisa son rai aka zaɓe ta ba, tun da kwana bakwai ake ba mai bashi kafin tara ta hau. Ƙarfin saƙon yana cikin adadi, rana da sakamako na gaskiya, kuma jimlar ƙarshe tana kare bankin kansa, domin wataƙila kuɗin ya shiga amma ba a sa shi a lissafi ba. Idan jinkirin ya yi tsawo, ana iya ambaton kai suna hukumomin adana tarihin bashi, muddin da gaske za a kai. In kuma kira zai biyo baya, ba a yin sa tsakanin ƙarfe 9 na dare da 8 na safe sai da izinin mai bashin.