Etilin da nunar 'ya'yan itace

Etilin iska ce marar launi mai ɗan ƙamshi, wadda ake rubuta tsarinta da C2H4, wato ƙwayar kabon biyu da ta haidirojin huɗu. Tsirrai da kansu suke haɗa ta, kuma tana cikin sinadaran da ke isar da saƙo a jikinsu, waɗanda ake kira homon. Ita ke sa ganye ya kaɗe, fure ya yi yaushi, ɗan itace ya nuna. Abin da ya bambanta ta da sauran homon shi ne kasancewarta iska: ba ta tsayawa a jikin da ya haɗa ta, fita take yi ta shiga na kusa da shi.

Tarihin ganowa

An daɗe ana cin moriyar etilin ba tare da an san ta ba. Ana cewa mutanen tsohuwar Masar kan tsaga 'ya'yan ɓaure don su yi saurin nuna, dabarar da ta dace da abin da aka sani yau, domin rauni na ƙara yawan etilin da ɗan itace ke fitarwa.

Binciken kimiyya ya faro ne daga fitilun titi. A ƙarni na 19 biranen Turai na kunna fitilu da gas ɗin kwal, sai aka lura bishiyoyin da ke kusa da bututun da ke yoyo suna zubar da ganye ba lokacinsa ba. A shekarar 1901 Dimitry Neljubow, wani matashin mai nazarin tsirrai a St. Petersburg, ya ga tsiron waken fis a ɗakin gwajinsa na kwanciya maimakon ya miƙe, karansa na gajarcewa yana kauri. Ya bi sinadaran gas ɗin ɗaya bayan ɗaya har ya tabbatar etilin ce ke jawo haka.

A 1910 H. H. Cousins ya ba gwamnatin Jamaika rahoton cewa lemo na sa ayaba ta nuna da wuri idan an haɗa su a ajiya. Lafiyayyen lemo ba ya fitar da etilin mai yawa, don haka masu binciken da suka zo daga baya suka fi zaton funfuna ce ta kama lemon nasa. A Kaliforniya kuma, manoman lemon tsami sun saba kunna risho a ɗakin ajiya don bawon ya rikiɗe zuwa rawaya, suna ɗauka zafi ne ke aikin. Da wasu suka koma na'urar ɗumama ɗaki marar hayaƙi, lemon ya ƙi canza launi. Frank Denny ya nuna a wajajen 1924 cewa etilin da ke cikin hayaƙin kananzir ce sirrin. Hujjar da ta rage ta zo a 1934, lokacin da Richard Gane a Cambridge ya tara iskar da tuffa ke fitarwa ya sami etilin a ciki. Duk da haka, an yi shekaru ana ja-in-ja kan ko ita ke jawo nuna ko kuwa nuna ke haifar da ita, sai da na'urorin auna gas masu kaifi suka samu a ƙarshen shekarun 1950.

Yadda ake haɗa ta a jikin ɗan itace

Daga sinadarin metiyonin ake farawa, a bi ta wani mataki da ake kira ACC, wanda masu bincike Adams da Yang suka gano a 1979. Mataki na ƙarshe ba ya yiwuwa sai da iskar oksijin.

Masu nuna bayan tsinka da waɗanda ba sa yi

Ayaba, mangwaro, gwanda, tumatir, tuffa da fiya suna da wani hali: idan sun ƙosa, numfashinsu kan tashi farat ɗaya, etilin ɗinsu ma ta hau, sannan su nuna ko da an riga an tsinke su. Lemo, inabi, abarba da kankana ba haka suke ba. Etilin na iya rikiɗa launin bawon lemo, amma ba ta ƙara masa zaƙi, kankana kuwa lalacewa take yi.

Me ya sa nunanniyar ayaba ke jan sauran

A rukunin farko, etilin tana haifar da etilin. Idan ta ratsa bawon ɗanyar ayaba ta manne da wasu furotin masu jin ta a cikin ƙwayoyin halitta, sai ayabar ta buɗe nata injin, ta soma fitar da tata. Wannan ta taɓa ta gaba, ta gaban ma haka, har nonon ayabar duka ya ɗauka. Ƙosasshiyar ayaba na amsa abin da bai wuce kashi 0.1 zuwa 1 cikin miliyan na iska ba.

A ɗauki ayaba mai giram 150 da ke tsakiyar nuna, a ƙaddara tana fitar da maikirolita 2 a kowane kilo a awa guda, adadin da ke cikin iyakar abin da ake aunawa; maikirolita kuwa kashi ɗaya ne cikin miliyan na lita. Nata rabon ya kama maikirolita 0.3 a awa. Idan an rufe ta da ɗanyu a jaka mai lita 3 na iska, cikin awa ɗaya an kai kashi 0.1 cikin miliyan, cikin awa goma an kusa kashi 1, in ba a yi yoyo da yawa ba. Ita wannan ayabar, a ɗaki mai lita 30,000, iskarta za ta tsinke sau dubu goma. Ashe rufewar ita ce rabin aikin. Jakar takarda ta fi leda dacewa, domin a leda oksijin kan ƙare, kabon dayoksaid ya taru ya daƙile aikin etilin, danshi kuma ya kawo ruɓa. Wadda ta riga ta yi baƙi ba ta kai mai soma rawaya ƙarfi ba, tun da ganiyar fitar etilin tana zuwa ne a farkon nuna.

Da zarar abin ya kankama, sitacin da ya kai kusan kashi 20 cikin ɗari na tsokar ayaba yakan narke ya koma sukari, ya bar kashi 1 ko 2 kacal. Abin da ke riƙe bangon ƙwayoyin halitta ya saki, tsoka ta yi laushi, baurin ɗanye ya gushe. Koren bawo ya ɓace, rawayar da ke ƙarƙashinsa tun farko ta bayyana. Ayabar da aka sare ba ta ƙosa ba ma takan yi rawaya, sai dai ba ta da sitacin da zai ba ta zaƙi.

Amfani a kasuwanci

Ayabar da ake kaiwa ƙasashen waje ana sare ta ɗanya, a yi jigilarta a sanyin digiri 13 zuwa 14 na ma'aunin Salshiyas. A ɗakin nunarwa ana sakar mata etilin kashi 100 zuwa 150 cikin miliyan na awa 24 zuwa 48, a digiri 15 zuwa 20, da danshin kashi 90 zuwa 95 cikin ɗari. Kuskuren zafi kan bayyana a bawo. Wadda sanyi ya yi wa yawa, ƙasa da digiri 13, takan fito da rawaya mai duhun toka. Nau'in Cavendish da ya nuna a zafin da ya haura kimanin digiri 25 kuwa, cikinsa ya yi laushi amma bawonsa na nan kore.

Don jinkirta nuna, ana amfani da sinadarin famanganet mai tsotse etilin, ko 1-MCP mai toshe wurin da take mannewa.

Kabayid

Kabayid idan ya jiƙa yana fitar da asitilin, mai kwaikwayon etilin amma da rauni sosai. Ƙasashe da dama sun haramta nunar da 'ya'yan itace da shi, saboda gubar asenik da fosforas da kan gauraya da shi, da kuma haɗarin gobara.