Sunan kayanka: wace doka take karewa?

Da yawa daga cikin 'yan kasuwa suna ɗauka cewa da zarar sun yi rajista a Hukumar Rajistar Kamfanoni, sunan da ke jikin kayansu ya zama nasu. Ba haka ba ne. Waccan rajistar ta sunan kasuwanci ce. Sunan da ke jikin leda ko kwalba tambarin kasuwanci ne, kuma ofishinsa daban yake a Abuja, ƙarƙashin Ma'aikatar Masana'antu, Ciniki da Zuba Jari ta Tarayya, bisa dokar tambarin kasuwanci ta 1965.

A ce wata mai dakan yaji a Kano za ta buga leda da sunan "Yajin Kano Mai Daɗi". Sunan zai shiga kunne, amma da wuya a ba ta rajistarsa. "Yaji" sunan kayan ne, "Kano" sunan gari, "mai daɗi" kuwa yabon kayan. Doka ba ta son mutum ɗaya ya mallake kalmomin da duk mai sayar da yaji yake buƙata don ya faɗi abin da yake sayarwa. Abin da take so shi ne ƙagaggiyar kalma, ko kalmar da ba ta siffanta kayan kai-tsaye, kuma ba sunan wuri ko sunan iyali ba. Da za ta ce "Barewa", sunan ya fi ƙarfi, domin babu abin da ya haɗa barewa da barkono. Sunan da ke siffanta kaya yana iya tsallakewa idan an kawo hujja cewa jama'a sun daɗe da sanin kayan mutum ɗaya da shi, sai dai sabon shiga ba shi da wannan hujjar.

Kafin ta biya kuɗin buga leda, sai ta sa a yi bincike a kundin rajistar, yawanci ta hannun lauya ko wakilin da ofishin ya amince da shi. An kasa kaya da ayyuka aji 45. Yaji yana aji na 30, kilishi na 29. Ba suna iri ɗaya sak kawai ake dubawa ba. Idan wani ya riga ya yi rajistar "Bariwa" a kan kayan miya, kamar da ke tsakaninsu a furuci ta isa a ƙi nata, tunda mai saye a kasuwa da baki yake tambaya. Ni dai da zan ba ta shawara, ta zagaya Kasuwar Singa da ta Sabon Gari ma, domin mai amfani da suna tun da daɗewa yana iya ƙalubalantarta ko bai yi rajista ba.

Idan ofishin ya karɓa, ana buga sunan a mujallarsa, a ba da wata 2 ga mai ƙorafi. Rajistar farko shekara 7 ce, ana sabunta ta duk shekara 14. Kuma a Nijeriya kawai take aiki: idan yajin zai shiga Maraɗi, sai an sake nema a ƙungiyar OAPI da ke Yaoundé a Kamaru, wadda ke yi wa Nijar da wasu ƙasashen Afirka rajistar tambarin kasuwanci.