Matakin Hayaƙin Man Suya

Matakin hayaƙi shi ne zafin da mai ke kaiwa ya fara fitar da hayaƙi mai shuɗi-shuɗi ba yankewa. Daga nan man ya soma lalacewa ke nan, yana sakin wani sinadari, akrolin, mai sa ido yaji da maƙogwaro ƙaiƙayi. Suyar da abinci ke nutsewa cikin mai, irin ta ƙosai, awara ko dankali, tana bukatar zafin digiri 170 zuwa 190 a ma'aunin Salshiyas. Don haka man da ya dace shi ne wanda matakinsa ya ɗara wannan sosai.

Abin da ya fi tasiri a nan shi ne tacewa, ba irin ƙwayar da aka matso man daga cikinta ba. Man gyaɗa da aka tace a masana'anta yakan kai wajen digiri 230 kafin ya yi hayaƙi, haka ma tataccen man waken suya. Wanda ba a tace ba kuwa, kamar na masu ƙuli-ƙuli, yana iya farawa tun wajen digiri 160, saboda burbushin gyaɗar da ke cikinsa shi ke riga ƙonewa. Ya fi ƙamshi, babu musu, amma wuta madaidaiciya yake so. Ɗanyen man shanu ma bai jure wuta sai an soya shi, ruwan ya ƙone, an tace dusar nonon.

Mai tuyar ƙosai ba ta bukatar ma'aunin zafi. Takan ɗiga ɗan ƙullu a kasko: idan ya nutse ya taso nan da nan da ƙananan kumfa a gefensa, mai ya yi daidai. Idan ya kwanta a ƙasa, da saura, kuma ƙosan zai sha mai. Idan ko bai nutse ba ya yi ja cikin ƙiftawar ido, zafi ya wuce kima, bayan ƙosan zai ƙone cikinsa na ɗanye. Man da ya turnuƙe da hayaƙi yana dab da kamawa da wuta. In ya kama, a kashe murhu a rufe kaskon da murfi, kada a zuba ruwa, domin ruwa watsa wutar yake yi.

Matakin hayaƙi yana raguwa da kowace suya. Ruwan ƙullu yana farfasa man, ɓarɓashin da aka bari a kasko kuma yana ta ƙonewa. Man da ya gaji yakan yi duhu da kauri, ya riƙa danƙo a bakin kasko, kumfarsa ta taru a sama ta ƙi kwanciya, ya yi hayaƙi tun wuta ba ta yi ƙarfi ba, ƙosai kuma ya fito da ɗaci. Tacewa da ƙyalle bayan ya huce tana ƙara masa kwana, amma ƙara sabo a kan wanda ya riga ya gaji ba ya gyara shi, sai dai a zubar.