Firegabalin da gabafentin: shan su ba bisa ƙa'ida ba

Firegabalin da gabafentin magunguna ne 'yan gida ɗaya da likitoci ke bayarwa don ciwon jijiya da farfaɗiya. An fara amincewa da gabafentin a Amurka a 1993 da sunan Neurontin, firegabalin kuma ya fito a 2004 da sunan Lyrica. Dukansu suna kama wani sashe na ƙofofin da sinadarin kalsiyam ke bi ya shiga ƙwayoyin jijiya, sai saƙonnin da ke tayar da ƙwaƙwalwa su ragu. Shi ya sa zugin ciwo ke lafawa, shi ya sa kuma mai sha ke jin fargaba ta kwanta, jiki ya saki, wani ma ya ji kamar ya bugu.

An fi neman firegabalin, kuma dalilin yana cikin hanji. Kusan kashi 90 cikin 100 nasa na shiga jini, ƙarfinsa ya kai ƙololuwa cikin kamar awa ɗaya, kuma duk abin da aka ƙara sai jiki ya ɗauke. Gabafentin kuwa yakan ɗauki awa 3 zuwa 4, hanji kuma yana da iyakar abin da zai iya tsotsa. Amma jiki na saurin sabawa da su biyun. Abin da ya kwantar da hankalin mutum a farko ba ya isarsa bayan 'yan makonni, har ya zarce miligiram 600 na firegabalin a rana, iyakar da likita ke bayarwa.

Babban haɗarin yana wajen gauraya. Wanda ya haɗa firegabalin da tiramol, kodin ko giya ya danne cibiyar numfashi ta hanya biyu a lokaci guda. Da farko harshensa zai yi nauyi, ya riƙa tangaɗi, sai barci ya kwashe shi. 'Yan uwa su ji yana minshari mai ƙarfi su ce a bar shi ya huta, alhali numfashi ne ke yankewa. Idan an jijjiga shi bai farka ba, ko leɓɓansa sun canza launi, sai a kwantar da shi a kan gefensa a garzaya asibiti. Allurar nalokson tana karya ƙarfin tiramol da kodin, amma ba ta taɓa firegabalin. Tsofaffi da masu ciwon huhu ko ƙoda sun fi shiga haɗari, domin ƙoda ce ke fitar da maganin. Mace-macen da ake samu ne suka sa Birtaniya ta tsaurara dokar sayar da magungunan biyu a Afrilun 2019.

Dainawa farat ɗaya ma tana da nata haɗarin: rashin barci, zufa, karkarwa, fargaba mai tsanani, wani lokaci har da jijjiga irin ta farfaɗiya. Likita kan rage adadin sannu a hankali, aƙalla tsawon mako guda, wanda ya daɗe yana sha kuwa yakan buƙaci makonni da dama.