Launin KMnO₄ ba daga tsallen d–d yake ba

A ɗakin gwaji a Akoka da ke Legas, wata ɗaliba 'yar Agege ta ɗaga kwalbar KMnO₄, launin shunayya ya rine ruwan, ta ce: "Malam, ai tsallen d–d ne." Wannan kuskuren ya daɗe yana damuna.

Ka'idar filin kiristal tana ɗaukar ligan, wato atom ko molekul da ke manne da ƙarfen, a matsayin ɗigon caji kawai, wanda ke raba obital d gida biyu, ilektron ya sha haske ya haura daga gidan ƙasa zuwa na sama. Wannan shi ne tsallen d–d. To, manganis ɗin MnO₄⁻ da ke cikin KMnO₄ yana +7, wato d⁰. Babu ilektron ko ɗaya a d. Wa zai yi tsallen?

Ka'idar obital na molekul ce ke da amsa, domin ta yarda cewa obital ɗin ƙarfe da na ligan suna cuɗanya. Ilektron yana tasowa daga obital ɗin da oksijin ya rinjaya, ya faɗa wanda manganis ya rinjaya. Ana shanye koren haske wajen nanomita 525, ido ya ga shunayya.

Ƙarfin launin ma shaida ne. Ƙwaya ɗaya ta KMnO₄ tana rine kofi guda, amma [Mn(H₂O)₆]²⁺, mai tsallen d–d na gaske, ruwan hoda ne fari-fari, da ƙyar ake ganinsa.